Dunƙulen Amiloyid da Sarƙaƙiyar Tawu: Yadda Tunawa da Harshe Suke Raguwa a Cutar Alzaima

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yakan ce tsoho ya ruɗe, ko kuma yana gigin tsufa, idan ya ga dattijo yana maimaita tambaya guda, yana mance sunayen jikokinsa, ko yana ɓata a hanyar da ya shekara arba'in yana bi. A wajen masana aikin likita, wannan hali ba cuta guda ba ce. Taron alamomi ne waɗanda cututtuka daban-daban suke haddasawa. Wadda ta fi yawa daga cikinsu ita ce cutar Alzaima, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ita ce sanadin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu wannan lalura. An raɗa mata sunan likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana ta a shekarar 1906.

Abubuwa biyu ake gani a ƙwaƙwalwar mai wannan cuta idan aka duba ta da madubin likita. Na farko dunƙulen wani furotin da ake kira amiloyid, wanda yake taruwa a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na biyu kuwa sarƙaƙiyar wani furotin mai suna tawu, wadda take samuwa a cikin ƙwayoyin su kansu. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda waɗannan abubuwa biyu suke samuwa, sannan ta nuna cewa mantuwar ba a hargitse take zuwa ba. Tana da tsari, kuma tsarin nan yana bin sawun hanyar da tawu yake bi cikin ƙwaƙwalwa. Wannan batu ya shafi manazarcin harshe kai tsaye, domin sassan harshe ma bi da bi suke rushewa.

2.0 Dunƙulen Amiloyid

A jikin fatar kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa akwai wani dogon furotin da ya ratsa ta, kansa guda a waje, guda a ciki. Shi ne tushen amiloyid. Kowane mai lafiya yana da shi, kuma kullum jiki yana daddatsa shi da wasu sinadarai masu aiki kamar almakashi. Idan almakashin da ake kira alfa ya fara yanka, to yakan yanka ne a tsakiyar yankin da zai zama amiloyid, saboda haka babu wata illa da take biyo baya. Amma idan almakashin beta ya yanka ta sama, sannan na gama ya yanka ta ƙasa, sai wani ɗan guntu ya fita ɗungurungum. Wannan guntu shi ne amiloyid-beta.

Tsawon guntun yakan bambanta. Akasarinsa yana da ƙwayoyin amino 40, wani kuma yana da 42. Ƙarin nan na ƙwaya biyu kacal shi yake sa na biyun ya fi danƙo. A ƙuruciya ƙwaƙwalwa takan share waɗannan guntaye da zarar sun fita. Idan samar da su ya yi yawa, ko sharar ta yi rauni, sai su riƙa manne wa juna, da farko biyu-biyu uku-uku, daga baya su zama zare, zaren kuma ya cure ya zama dunƙule. Masana da yawa suna ganin cewa ƙananan tarin nan da ba su kai ga daskarewa ba sun fi dunƙulen kansa lahani, domin su ne suke dagula magamar da ƙwaya take miƙa saƙo ga 'yar'uwarta.

George Glenner da Caine Wong ne suka fara tantance wannan furotin a 1984. A 1987 aka gano cewa ƙwayar gadon da take sarrafa tushensa tana kan kuromosom na 21. Wannan ya warware wani abu da aka daɗe ana lura da shi, wato masu lalurar Dawun, waɗanda ake haifa da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu, kusan dukkansu sukan tara dunƙulen amiloyid tun suna wajen shekara 40. Haka kuma akwai wasu zuriyoyi ƙalilan da cutar take kama su da wuri, kuma canjin da aka samu a ƙwayoyin gadonsu duk yana komawa ga yadda ake samar da amiloyid. A kan irin waɗannan hujjoji ne John Hardy da Gerald Higgins suka kafa ra'ayinsu a 1992, cewa taruwar amiloyid ita ce mafarin cutar, sauran ɓarnar kuwa biyo baya take yi.

Sai dai akwai wani hanzari. Amiloyid yakan fara taruwa shekara 15 zuwa 20 kafin a ga wata alama. Tsofaffi da dama sukan rasu da hankalinsu garau, amma in aka duba ƙwaƙwalwarsu sai a tarar da dunƙule jingim. Bugu da ƙari, wuraren da amiloyid yake fara taruwa, wato faffaɗan ɓawon ƙwaƙwalwa na sama, ba su ne wuraren da aikinsu yake fara lalacewa ba. Ke nan yawan dunƙule bai isa ya bayyana tsananin mantuwa ko tsarinta ba. Dole a waiwayi abu na biyu.

3.0 Sarƙaƙiyar Tawu

Ƙwayar ƙwaƙwalwa tana da doguwar jela wadda take kai saƙo nesa. A cikin jelar akwai wasu 'yan siraran bututu da abinci da sauran kayan aiki suke bi daga jikin ƙwayar zuwa ƙarshenta. Aikin tawu shi ne ya riƙe waɗannan bututu don kada su warwatse, kamar yadda katakon da ake girkawa a ƙarƙashin titin jirgin ƙasa yake riƙe ƙarafan a miƙe. Jiki yana daidaita wannan riƙo ta hanyar liƙa wa tawu wani sinadari mai suna fosfet, yana kuma cire shi gwargwadon bukata.

A cutar Alzaima fosfet ɗin yakan yi wa tawu yawa. Sai ya saki bututun, ya naɗe a murɗe, ya kama ɗan'uwansa, su zama zare biyu masu kama da tufkar igiya. Zaren nan ne suke cukurkuɗewa su cika cikin ƙwayar. Ɓarna biyu ke nan a lokaci guda: bututun sun rasa mai riƙe su, sannan cikin ƙwayar ya cunkushe. Ƙwayar takan daɗe tana fama, magamarta suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe ta mutu. A 1986 ne masu bincike, cikinsu har da Inge Grundke-Iqbal da Khalid Iqbal, suka tabbatar da cewa tawu mai yawan fosfet shi ne abin da aka yi sarƙaƙiyar da shi.

Babban abin lura game da tawu shi ne yana da turba. A 1991 Heiko Braak da Eva Braak, bayan sun nazarci ƙwaƙwalen matattu masu yawa, suka kasa yaɗuwarsa gida shida. A mataki na 1 da na 2, sarƙaƙiyar tana tsaye ne a wani ɗan yanki da ke can cikin ƙwaƙwalwa daura da kunne, wanda ake kira entorinal, da kewayensa. Yankin nan shi ne ƙofar shiga hifokamfus, wato sashen da yake ɗaure sabon abin da ya faru ya mayar da shi abin tunawa. A mataki na 3 da na 4 sai ta mamaye hifokamfus da maƙwabtansa. A mataki na 5 da na 6 ta bazu cikin ɓawon ƙwaƙwalwa, inda ma'anonin kalmomi da sanin wurare da tsara al'amura suke. Sassan da suke motsa gaɓoɓi da waɗanda suke karɓar gani da taɓawa su ne na ƙarshen kamuwa.

To mece ce dangantakar abubuwan biyu? Tsofaffi da yawa suna da ɗan tawu a yankin entorinal, kuma a nan yake tsayawa. Abin da hotunan ƙwaƙwalwar rayayyu suka nuna shi ne, tawu ba ya cika tsallakawa ya bazu sai in akwai amiloyid da ya riga ya taru. Ana iya cewa amiloyid busasshiyar ciyawa ne, tawu kuwa wuta. Ciyawa takan daɗe a tare ba ta ƙone kowa ba, amma in wuta ta same ta, inda wutar ta bi nan ne toka za ta kwanta.

4.0 Matakan Raguwar Tunawa da Harshe

Tunawa iri-iri ce, kuma kowace iri da mazauninta. Akwai tunawa da abin da ya faru ga mutum a wani wuri da wani lokaci, kamar baƙon da ya zo jiya. Akwai sanin ma'ana, kamar sanin mece ce akuya da abin da ake yi da lauje. Akwai kuma tunawar da ta zama jiki, kamar saƙa da daka da tuƙa keke. Da yake tawu yana bin mazaunan nan ɗaya bayan ɗaya, haka su ma suke rushewa.

4.1 Matakin Farko

Abin da yake fara tafiya shi ne ɗaure sabon abu. Mai cutar zai yi tambaya, a ba shi amsa, ya gamsu, bayan 'yan mintoci ya sake yin ta kamar bai taɓa yi ba. Likita yakan gwada wannan ta hanyar faɗa masa kalmomi uku ko biyar, ya sa shi ya maimaita nan take, sannan ya ɗauke masa hankali da wani aiki, bayan minti biyar ya nemi kalmomin. Maimaitawar nan take takan yi daidai, amma bayan jinkirin sai a tarar sun gushe. Ko an yi masa tuni, a ce ɗaya daga ciki sunan dabba ce, sau da yawa ba ya amfana, domin tun farko abin bai shiga rumbu ba balle a ɗebo shi.

A daidai wannan lokaci labarin ƙuruciya yana nan daram. Dattijon da bai san abin da ya ci da safe ba zai kawo labarin ranar aurensa filla-filla. Dalili kuwa shi ne tsohon labari ya daɗe da samun gindin zama a ɓawon ƙwaƙwalwa, bai dogara ga hifokamfus kamar sabo ba. Masanin nan na Faransa, Théodule Ribot, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1881, cewa abin da aka koya daga baya shi yake fara gushewa. Wannan ne yake yaudarar iyali, su ce ai wanda yake tuna abin shekara sittin ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ta taɓu ba.

4.2 Matakin Tsakiya

Idan tawu ya tsallaka zuwa ɓawon da ke daura da kunne, sai matsalar ta bayyana a harshe. Furuci yana nan lafiya, ginin jimla ma haka, amma sunaye sukan ƙi zuwa. Kwatankwacin abin da ake ji, in aka misalta shi da Hausa, shi ne:

(1) Miƙo mini abin nan da ake shan koko da shi.

(2) Wance ta zo, ta kawo abin nan, ta sa a wajen nan.

(3) Dabbar nan ta shiga ɗaki.

A jimla ta (1) kalmar ludayi ta ɓace, an maye gurbinta da bayanin aikinsa. A ta (2) babu kuskuren nahawu ko ɗaya, jinsi da lokaci duk sun daidaita, amma babu wani suna da zai sanar da mai sauraro wace ce ta zo ko me ta kawo. A ta (3) an kira tunkiya da sunan babban rukuninta, domin sunan da ya keɓanta yakan riga na gama-gari gushewa. Da farko kalmar ce kawai take ɓuya, ma'anarta tana nan. Daga baya ma'anar kanta takan zaizaye, har a nuna masa ludayin ya rasa me ake yi da shi.

An ga wannan bambanci tsakanin kalmomi da nahawu a rubuce. Marubuciyar nan Iris Murdoch ta buga littafinta na ƙarshe a 1995, kafin a gano tana da cutar, ta rasu a 1999. Peter Garrard da abokan aikinsa sun kwatanta littafin da wasu biyu da ta rubuta a baya, suka buga sakamakon a 2005. Sun tarar cewa kalmominta sun ragu kuma sun koma na yau da kullum, alhali ginin jimlolinta bai canza sosai ba.

A wannan mataki ne kuma mutum yakan ɓata a unguwarsu, lissafin kuɗi ya gagare shi, ya rikita jerin aikin da ya saba. Zargi yakan shigo, domin wanda ya ajiye kuɗi ya mance ya ajiye, abin da zai fi yi masa ma'ana shi ne an sace. Mai harshe biyu kuwa sau da yawa yakan riƙa komawa ga harshen da ya fara koya.

4.3 Matakin Ƙarshe

Abin da yake jurewa shi ne abin da aka maimaita har ya zama jiki. Gaisuwa da addu'o'in da aka haddace da waƙoƙin ƙuruciya sukan daɗe suna fita sumul, saboda ana furta su ne a dunƙule, ba a gina su kalma bayan kalma. Baƙo zai iya gaisawa da mai cutar, a yi lafiya lau da madalla, ya tashi bai lura da komai ba. A ƙarshe waɗannan ma sukan tafi. Magana ta koma maimaita abin da aka ji, sannan kalma ɗaya ko biyu, sannan shiru. Tafiya da haɗiya sukan gagara, kuma galibi ciwon huhu ko wata cuta da ta samu kafa saboda kwanciya ita take zama ajali. Daga gano cutar zuwa rasuwa yawanci shekara 4 zuwa 8 ne, ko da yake wasu sukan kai 20.

5.0 Misalin Auguste Deter

Majinyaciyar da Alzheimer ya nazarta ta isa misali. An kwantar da Auguste Deter a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt ranar 25 ga Nuwamba, 1901, tana da shekara 51. Abin da aka fara lura da shi a gida shi ne zargin mijinta da neman wata mace, sai mantuwa mai ƙaruwa, da kai kayan ɗaki nan da can tana ɓoyewa. Bayanan da likitan ya rubuta da hannunsa, waɗanda aka sake ganowa a 1995, sun nuna abin da aka bayyana a sama. Idan aka nuna mata abu takan faɗi sunansa, amma jim kaɗan sai ta mance an nuna mata. Tana cin naman alade da wani kayan lambu, aka tambaye ta me take ci, ta ce alayyafo. Ta kira kofi da sunan abin zuba madara, wato ta ɗauko kalma maƙwabciya a ma'ana. Da aka ce ta rubuta sunanta, sai ta fara, ta tsaya a tsakiya, ta mance abin da aka sa ta.

Ta rasu ranar 8 ga Afrilu, 1906, bayan ta daɗe a kwance, magana ta ƙaurace mata. Aka aika wa Alzheimer ƙwaƙwalwarta a Munich. Ya tarar ta motse, kuma da ya rina yankakkun sassanta da sinadarin azurfa sai ya ga dunƙule a tsakanin ƙwayoyi da sarƙaƙiya a cikinsu. Ya gabatar da wannan a Tübingen a watan Nuwamba na 1906, sannan Emil Kraepelin ya raɗa wa cutar sunansa a 1910. Abin lura shi ne cutar ta kama Auguste da ƙarancin shekaru kuma ta yi sauri. Akasarin masu cutar sun haura shekara 65.

6.0 Rarrabewa da Iyakar Magani

Mantuwar tsufa ta yau da kullum daban take. Mai ita yakan mance suna, ya tuno daga baya, ko da an ɗan yi masa tuni, kuma harkokinsa ba sa tsayawa. Ruɗewar da ta zo cikin awoyi ko kwanaki, tare da gyangyaɗi ko zazzaɓi, ba Alzaima ba ce, lalura ce ta gaggawa da take bukatar asibiti nan take. Wadda take zuwa tsalle-tsalle bayan shanyewar ɓarin jiki ta fi kama da lalacewar hanyoyin jini. Ciwon damuwa da ƙarancin bitamin B12 da raunin wasu sinadaran jiki duk sukan kawo mantuwar da ake iya magancewa, shi ya sa ake fara neman su. Haka kuma akwai tsirarun masu Alzaima da tawu yake fara tsananta a sashen harshe ko na gani, sai alamominsu su fara daga can.

A yau ana iya ganin amiloyid da tawu a rayayyen mutum ta hoton ƙwaƙwalwa, ko ta auna ruwan laka, ko ta gwajin jini. Duk da haka gwajin baka yana nan da muhimmancinsa, kuma da harshe ake yin sa. Gwajin da aka tsara domin masu karatun boko yakan nuna lafiyayyen da bai je makaranta ba a matsayin maras lafiya. Binciken da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen Amurka na Indianapolis, wanda aka fara a 1992, sai da ya yi amfani da tambayoyin da aka daidaita da harshe da al'adar kowane ɓangare, aka kuma haɗa da jin ta bakin dangi.

Magungunan da aka daɗe ana bayarwa, kamar donefezil da memantin, sauƙaƙa alamomi suke yi na ɗan lokaci. Sababbi irin su lekanemab, wanda Amurka ta amince da shi a 2023, suna share amiloyid sosai, amma a gwajin wata 18 kashi 27 cikin 100 ya rage na saurin lalacewa, kuma yana iya jawo kumburi ko ɗigon jini a ƙwaƙwalwa. Wannan ya dace da bayanin da ya gabata: kwashe ciyawa bayan wuta ta kama yana rage mata ƙarfi, amma ba ya tayar da abin da ya ƙone.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa amiloyid yana taruwa da wuri a wajen ƙwayoyi, tawu kuma yana kashe su daga ciki bisa sananniyar turba, daga entorinal zuwa hifokamfus zuwa ɓawon ƙwaƙwalwa. Saboda haka sabon labari yake riga tsoho gushewa, suna yake riga nahawu, ƙirƙirarriyar jimla take riga haddatacciyar magana. Amfanin sanin wannan ga iyali shi ne kada a jira sai tsoho ya kasa gaisuwa kafin a kai shi ga likita, domin gaisuwa tana cikin na ƙarshen tafiya. Ga manazarta harsunan Nijeriya kuwa, aikin da ya rataya a wuyansu shi ne taimaka wa likitoci wajen zaɓen kalmomi da hotuna da tambayoyin gwaji waɗanda manomi da 'yar kasuwa za su gane a harshensu, domin a bambance wanda kalma ta ɓace masa da wanda tun asali ba a tambaye shi da harshen da yake ji ba.